Bidiyo mai tambarin wata manhaja: me ya sa baya tafiya in ka sake ɗora shi? Tambayoyi da amsoshi

Ƙorafin dai kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya yi bidiyo a TikTok ya tafi sosai, sai ya sauke shi ya ɗora a Instagram ko Facebook da tambarin nan na TikTok yana ta tsalle a jiki, sai ya ga shiru kamar an ɗauke wuta. Daga nan sai a fara cewa an yi masa shadoban, wato manhajar ta danne shafinsa a ɓoye, ko maƙiya sun yi rifotin, wasu ma har su ce baki ne. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi, na fi karkata kan ɗauko bidiyo daga TikTok zuwa Reels, sashen gajerun bidiyo na Instagram, saboda shi ne abin da mutanenmu suka fi yi.

Wai da gaske ne ko dai jita-jita ce irin ta masu koyar da soshiyal midiya?

Gaskiya ne, kuma ba a ɓoye aka yi ba. A watan Fabrairun 2021 Instagram ta fito ta faɗa da bakinta, ta shafinta na @creators, cewa duk Reel ɗin da aka ga alamar daga wata manhaja aka kwaso shi, wato mai logo ko tambari a jiki, za a rage nuna shi a wuraren da mutane ke gano sabbin abubuwa kamar sashen Reels. A sanarwar sun haɗa da bidiyon da ya dusashe saboda rashin kwaliti, da wanda aka zagaye shi da baki-baki a gefe, da wanda rubutu ya rufe yawancinsa. Lokacin Reels bai fi wata shida ba, don a Agustan 2020 ya fito, kuma in ka buɗe shi a lokacin bidiyon TikTok kawai za ka yi ta gani da tambarinsu ɓaro-ɓaro.

TikTok ɗin ma haka take yi, kada ka ɗauka Instagram ce kaɗai mai kishi. A cikin ƙa'idojinta na abin da ya cancanci shiga For You, wato sashen da take zaɓo wa mutane bidiyo da kanta, ta rubuta cewa bidiyon da aka kwaso aka ɗora ba tare da an ƙara masa wani abu sabo ba, kamar wanda ke ɗauke da tambarin wani ko logon wani, bai cancanci shiga ba. Sannan a Yulin 2025 Meta ta sake fitar da sanarwa game da Facebook, ta ce za ta rage yaɗa kwafe-kwafe, kuma cikin shawarwarin da ta ba masu ɗora abubuwa akwai cewa su guji tambarin wasu manhajoji.

To ai mabiyana suna ganinsa, ya za a ce an danne shi?

Nan ne wurin da ya kamata ka fahimta sosai, don in ka gane wannan ka gane komai.

Hanya biyu bidiyo ke bi ya kai ga mutane. Ta farko ita ce ta mabiyanka, waɗanda suka danna folo da hannunsu, su dama suna da hakkin ganin abin da ka ɗora. Ta biyu ita ce ta waɗanda ba su san ka ba sam, manhajar ce ke ɗaukar bidiyonka ta kai musu da kanta a sashen Reels ko Explore, ko For You in a TikTok ne. Tambarin wata manhaja ba ya taɓa hanya ta farko, bidiyon na nan a shafinka, ba a goge shi ba, ba a turo maka gargaɗi ba, mabiyanka za su iya cin karo da shi. Hanya ta biyu ita ake toshewa ko a ƙuntata. Kuma matsalar ita ce, ga ƙaramin shafi, kusan duk wani tashi da bidiyo zai yi ta hanya ta biyun nan yake zuwa.

Bari mu yi lissafi da misali, lambobin na ƙirƙira ne don a gane. A ce wata baiwar Allah tana sayar da turaren wuta da humra, tana da mabiya 2,000 a Instagram. In ta ɗora bidiyo ba duka 2,000 ɗin za su gani ba, wasu ba su hau ba ranar, wasu data ta ƙare, wasu sun daina amfani da akawun ɗin tuntuni, a ce 500 suka gani. In bidiyon tsaf yake babu tambarin kowa, Instagram za ta gwada shi kan wasu ƴan tsirarun baƙi da take ganin za su so irinsa, in suka tsaya suka kalla suka tura wa ƙawayensu sai ta ƙara faɗaɗa shi ga wasu da suka fi su yawa, in nan ma ya yi kyau ta sake faɗaɗawa, haka-haka har ki ga mai mabiya 2,000 ta samu kallo 30,000. Wannan tsarin na gwaji mataki-mataki Instagram da kanta ta bayyana shi a Afrilun 2024, kuma ta ce bidiyon da ya cancanta ne ke shiga gwajin, cikin sharuɗɗan cancantar akwai rashin tambari a fili. To in bidiyon hajiyar yana ɗauke da tambarin TikTok, tun a ƙofa aka tsayar da shi, sai ya ƙare a kan mutum 500 ɗin nan da ɗan abin da ba a rasa ba. Ita kuma sai ta ce ai kayan ne ba su burge ba, alhali baƙin da za su saya ba su ma gani ba balle su ce e ko a'a.

Me ya dame su da ɗan tambarin da bai kai girman farce ba?

Talla ce kyauta ga abokin hamayya. Ka je Kantin Kwari ka ce wa mai shago ya bari ka rataye allon shagon maƙwabcinsa a ƙofarsa, har da lambar shagon, ka ji amsar da zai ba ka. Tambarin TikTok ba logo ba ne kawai, akwai sunan mai bidiyon a ƙasansa, sannan a ƙarshe ga wani ɗan allo da ke fitowa da sunan a cikin akwatin bincike, wato ƙarara ana ce wa mai kallo tashi ka zo can ka neme shi. Su kuwa waɗannan kamfanonin lokacin da kake ɓatawa a cikin manhajarsu shi ne kuɗinsu, don a nan suke nuna maka tallace-tallace.

Dalili na biyu shi ne wanda su suka fi son faɗa, wai masu kallo ba sa jin daɗin ganin abin da aka kwaso daga wani wuri. Ni dai ina ganin dalilin kasuwa ya fi ƙarfi, amma wannan ɗin ma ba ƙarya ba ne. Wanda yake TikTok yake Instagram, kuma yawancin matasa haka suke, da ya ga tambarin zai ce na ga wannan ai, ya wuce a daƙiƙar farko. Wucewa da sauri kuwa ita ce mafi munin shaida da bidiyo zai samu. Shugaban Instagram Adam Mosseri ya faɗa a farkon 2025 cewa abubuwa uku suka fi nauyi a wajen tura bidiyo: tsawon lokacin da aka kalla, laik, da yawan turawa ga wasu. Ka ga kenan ko da na'urarsu ba ta kama tambarin ba, masu kallo za su iya yi maka hukuncin da yatsansu.

Na uku, tambari shi ne hanya mafi sauƙi ta zargin cewa ba kai ka yi bidiyon ba. Na'ura ba ta san cewa sunan da ke jikin tambarin naka ne a can TikTok ba, ita dai ta ga alamar kwaso.

Amma fa bidiyon nawa ne, ni na ɗauka da wayata

Na sani, kuma wannan shi ne abin haushin. Ba a kama ka da sata ba, babu wanda zai rufe maka shafi saboda ka ɗora abinka, amma maganar tambarin manhaja ba ruwanta da waye mai bidiyon. Ko kai ne, talla ce ga TikTok. Maganinka ya fi na kowa sauƙi ma, tunda asalin bidiyon yana hannunka.

To logon kasuwancina fa? Shi ma in cire?

A'a, bar abinka. Mosseri ya amsa wannan a 2024, ya ce in logonka ne na kanka babu damuwa, abin da ba sa so shi ne na wasu manhajoji. Masu sayar da kaya ma ni shawara nake ba su su riƙa sakawa, don yadda ake ɗauke bidiyon atamfa da leshi da takalma a je a damfari mutane da shi a wani shafin ya yi yawa. Sai dai ki sa shi ƙarami, kada ya rufe kayan, kuma kada ki manna shi can ƙasa ko gefen dama inda rubutu da maɓallan manhajar za su hau kansa.

Ta yaya suke gane tambarin? Mutum ne ke zaune yana kallo?

Ba mutum ba ne, ina mutum zai iya. Da ka ɗora bidiyo na'ura ke duba hotunan da ke cikinsa, tana gane siffar logo kamar yadda take gane fuska ko mota, tana kuma karanta rubutun da ke kan bidiyon. Logon TikTok kuwa siffa ɗaya ce tilo da ba ta canzawa, ga wurin da yake zama sananne, ga allon ƙarshe, gane shi ba wani aiki ba ne. Bayan wannan akwai wata hanya daban da ba ruwanta da tambari, ita ce kwatanta hoto da sautin bidiyonka da waɗanda aka riga aka ɗora a manhajar, in sun yi daidai an san kwafi ne. Ka riƙe wannan ta biyun, za mu dawo kanta.

In na yanke gefen da tambarin yake, ko na rufe shi da sitika fa?

Da gangan aka sa tambarin TikTok yana canza wuri, ya zauna gefen nan zuwa can ya koma wancan gefen, don dai kada a yanke shi cikin sauƙi. In ka ce sai ka yanke duka, dole ka zuƙo hoton sosai, kan mutum ya fita, rubutun da ka sa ya gutsure, ga dusashewa. In kuma ka yanke ka bar shi ƙarami sai baƙin fili ya fito sama da ƙasa ko a gefe. To dusashewa da baki-bakin nan duka suna cikin jerin abubuwan da sanarwar 2021 ɗin ta ce ana ragewa, ka gudu daga wannan ka faɗa wancan. Sitika da shafe wurin kuma, wani dunƙulen hazo ne zai riƙa yawo a kan bidiyon, duk wanda ya saba hawa ya san abin da ke ƙasansa.

Shafukan da ke sauke bidiyo babu tambari fa, suna aiki?

Suna cire tambarin, wannan kam. In bidiyonka ne kuma asalin ya ɓace, waya ta lalace ko ka goge, za ka iya rage asara da su. Amma ka sani abin da za su ba ka shi ne wanda TikTok ta riga ta matse don ya yi sauƙin buɗewa, ba irin wanda ya fito daga kyamararka ba, in ka kai shi Instagram ita ma ta sake matse shi, sai ka ga fuska ta yi laushi kamar an shafa mai a gilashin kyamara, zaren leshi ya haɗe, launin atamfa ya mutu. Kuma don Allah, duk shafin da ya ce ka sa sunanka da kalmar sirrinka ta TikTok kafin ya sauke maka, rufe shi. Link ɗin bidiyon kaɗai ake buƙata.

In kuwa bidiyon wani ne, cire tambarin bai wanke ka ba, ya ma ƙara laifin don ka goge sunan mai shi.

Ni shafina na haɗa bidiyoyin barkwanci da wa'azi da yankan finafinai ne, ya nawa zai kasance?

Yallaɓai naka ya wuce maganar tambari. A ƙarshen Afrilun 2024 Instagram ta fitar da dokoki da suka shafi irin shafinka kai tsaye. Na ɗaya, in ta ga bidiyo iri ɗaya sak a wuri biyu, na asalin za ta riƙa nuna wa baƙi, ta ajiye kwafin. Na biyu, za ta iya manna wa naka alama da ke nuna sunan mai asalin. Na uku kuma shi ne mai zafi, shafin da ya ɗora abin da ba nasa ba kuma bai ƙara masa komai na kirki ba har sau 10 ko fiye a cikin kwana 30, za a cire shafin gaba ɗaya daga waɗanda ake nuna wa baƙi, kuma sai ya yi kwana 30 daga ranar da ya ɗora kwafi na ƙarshe kafin ya dawo. Ka lura, shafin duka, har da bidiyon da kai ka yi da guminka a cikin wannan lokacin. Sau 10 a wata kuma ai wasu shafukan a yini biyu suke cikawa.

Wannan ita ce hanyar kwatanta hoto da sauti da na ce ka riƙe, ba ta buƙatar ganin tambari. Kuma rubuta sunan mai bidiyon a ƙasa, duk da ladabi ne kuma ya kamata, ba ya mayar da shi naka a idon na'urar. Haka manna emojin dariya, ko zagaye shi da baki-baki a gefe, ko ƙara masa gudu kaɗan. Abin da ake ƙirgawa a matsayin ƙari shi ne ka fito ka yi sharhi, ka yi bayani da muryarka, ka fassara da fashin baƙi, ka mayar da shi wani abu da bai kasance ba a da. A Facebook da YouTube kuma maganar har kuɗi take taɓawa, don duka biyun suna iya hana shafin da ya dogara da kwashe-kwashe shiga tsarin biyan kuɗi.

CapCut fa? Shi ma ana ƙirga shi?

CapCut na kamfanin ByteDance ne, wato masu TikTok, kuma tambarinsa tambarin wata manhaja ne kamar kowane, don haka kada ka bar shi a bidiyon da za ka kai Instagram ko Facebook ko YouTube. Wuri biyu yake fitowa. Akwai ɗan guntun baƙin allo da yake ƙarawa a ƙarshen bidiyo, wannan ka ja zuwa ƙarshe ka danna shi ka goge kafin ka fitar. Akwai kuma na kusurwa da ke fitowa in ka yi amfani da tamfilet ɗinsu da aka riga aka shirya. Sauran manhajojin editin na kyauta irin su KineMaster da InShot su ma suna da nasu, ka duba kusurwoyi huɗun bidiyon kafin ka ɗora. Ita Instagram ta fitar da tata manhajar editin mai suna Edits a Afrilun 2025, tana fitar da bidiyo babu tambari.

YouTube ma tun 2022 ta fara manna nata a Shorts ɗin da mai shi ya sauke, Reels ma in ka sauke wanda aka riga aka wallafa da logon Instagram da sunan mai shi yake zuwa. Kowa na son nasa tambarin ya fita yawo, ba ya son na wani ya shigo masa.

To ya zan yi in ɗora bidiyo ɗaya a wurare uku ba matsala?

Ka daina ɗaukar TikTok a matsayin wurin ajiya, shi kenan sirrin. Ɗauki bidiyon da kyamarar wayarka, ba ta cikin manhajar ba. Yi editin ɗinka a waje, ka fitar da shi a tsaye, 9:16, girman 1080 da 1920, ka ajiye wannan a galari. Wannan shi ne uwar, daga ita kowace manhaja za ta samu nata kai tsaye, TikTok nata, Instagram nata, YouTube nata, babu wadda za ta karɓi ragowar wata.

Waƙa ko sautin da ke tashe kada ka haɗa shi a cikin uwar, bari sai ka shiga kowace manhaja ka zaɓa daga ɗakin sautinta. Dalili biyu ne. Izinin da TikTok ta samu na wata waƙa bai bi bidiyon zuwa Instagram ko YouTube ba, can za a iya kashe sautin ko mai waƙar ya yi da'awa a kansa. Sannan in ka zo da waƙar a manne, sau da yawa sai ta fito a matsayin Original audio naka, bidiyon bai shiga shafin sautin da mutane ke bi suna kallo ba.

Sai abu ɗaya da ke kashe mana bidiyo ba mu lura ba, wato WhatsApp. Yaron shago ya ɗauka ya turo wa oga, oga ya tura wa mai editin, mai editin ya dawo da shi, kowace turawa ta yau da kullum matse shi take yi, kafin ya isa Instagram ya riga ya gaji. Ku riƙa turawa a matsayin Document, zai fi cin data amma zai isa yadda yake. A Instagram kuma ka shiga saitin kwalitin hotuna da bidiyo ka kunna Upload at highest quality.

Ta ina zan tabbatar tambarin ne ya jawo, ba wani abu ba?

A Instagram buɗe Insights na bidiyon, wato ƙididdigarsa, ka duba rabon Followers da Non-followers. In bidiyoyinka na da suna samun baƙi da yawa, sai wannan mai tambarin ya zo kusan duk mabiya ne, alama ce mai ƙarfi. Kada ka yanke hukunci da guda ɗaya, jera masu tambari da marasa tambari ka ga ko bambancin yana maimaituwa. Sannan ka shiga Account Status a cikin saiti, nan ake nuna maka ko shafin gaba ɗaya ya cancanci a nuna shi ga waɗanda ba mabiyanka ba, in akwai matsala za ka ga abin da ya jawo da wurin neman a sake dubawa. A TikTok ka duba ƙididdigar bidiyon ka ga kashi nawa ya zo daga For You, kuma in an hana shi shiga can akan rubuta maka a wurin.

In kuma ka duba ka ga baƙi sun samu bidiyon amma sun wuce a daƙiƙa biyun farko, to ba tambari ba ne, farkon bidiyon ne bai kama mutane ba. Masu fara bidiyo da doguwar sallama da gaisuwa da barka da warhaka kafin a nuna kayan, da ku nake.

Amma na ga wani bidiyo da tambarin TikTok ya yi miliyan a Facebook

Yana faruwa, sau da yawa ne tambarin ke danne bidiyo, ba kullum ba. Na'urar ba ta kama komai, kuma manhajar ba ita kaɗai ke yaɗa bidiyo ba, in mutane suka ɗauka suna ta turawa a guruf-guruf da hannunsu, ko shafin dama yana da mabiya dubu ɗaruruwa, zai tafi ko an rage masa gudu. Abin da ba za ka gani ba shi ne inda zai kai da babu tambarin.

Tsofaffin da na riga na ɗora da tambari, in goge su in sake ɗorawa?

Kada ka bi su duka kana gogewa, asarar sharhi da laik ɗin da suka tara kawai za ka yi, kuma zamansu a shafin ba ya hana sabon bidiyo mai tsafta tafiya in dai naka ne. Zaɓi biyu ko uku da suka fi tashi a TikTok waɗanda har yanzu kana da asalinsu a waya, ka ɗan sabunta su, ka canza farkon ko ka yanke inda ya yi tsawo, ka sa tsohon a Archive, sannan ka ɗora sabon. Ka bar tazarar ƴan kwanaki tsakaninsu, don mabiyanka sun taɓa ganinsu, in ka jero musu su duka a rana ɗaya wucewa za su yi.